Sukar Mai Bincike: Inda Cin Mutunci Ya Rabu da Tantance Amana

A muhawarar ilimi ana iya sukar abu biyu: maganar da aka faɗa, ko mutumin da ya faɗe ta. Masana manɗiƙi na Turai suna kiran sukar mutum a madadin hujjarsa da sunan Latin, ad hominem, ma'ana abin da aka nufi mutum da shi, kuma suna lissafa shi cikin kurakuran kafa hujja. Kuskuren a fili yake. Idan wani ya ce bakwai sau takwas hamsin da shida ne, lissafin ba zai canza ba don an gano cewa mashayi ne ko kuma ana bin sa bashi. Mai amsa hujja da tonon asirin mai ita ya bar jaki yana dukan taiki.

Sai dai wannan ƙa'ida, in aka ɗauke ta ba tare da iyaka ba, takan haifar da wani kuskuren. Wasu na ɗauka duk wata magana a kan halin mai bincike, ko a kan wanda ya ba shi kuɗi, ko a kan abin da ya taɓa aikatawa, cin mutunci ne da bai kamata a saurara ba. Ba haka ba ne. Akwai inda tambaya a kan amanar mutum ita ce ainihin tambayar ilimi, kuma abin da ke raba wuraren biyu shi ne irin maganar da ake jayayya a kanta.

Maganar mai bincike kashi biyu ce. Akwai hujjar da mai karatu zai iya bi da kansa daga farko har ƙarshe, kamar lissafi, ko jerin dalilan da aka shimfiɗa a takarda, ko gwajin da kowa zai iya maimaitawa. A nan mai maganar ba shi da wani tasiri, domin komai na gaban mai dubawa. Akwai kuma shaida, wato abin da mai bincike ya ce ya gani, ya auna, ya rubuta a ɗakin gwaji ko a asibiti, inda mai karatu ba ya nan. Mai karanta mujallar likitanci ba ya ganin marasa lafiyan da aka yi bayaninsu, ba ya riƙe da fayil ɗinsu. Abin da yake da shi kawai shi ne maganar marubucin, don haka dole ya tambaya ko marubucin abin yarda ne, kamar yadda alƙali ke yi wa mai ba da shaida.

Misalin sukar da ba ta da tushe ko kaɗan shi ne abin da Albert Einstein ya fuskanta a Jamus. Philipp Lenard da Johannes Stark manyan masana kimiyyar lissafi da sarrafa halitta ne, dukkansu sun karɓi kyautar Nobel, amma suka riƙa yaƙar nazariyyar Einstein da cewa kimiyyar Yahudawa ce. Nazariyyar kuwa lissafi ce a rubuce, kuma ta yi hasashen abubuwan da za a iya aunawa, kamar lanƙwasar hasken taurari idan ya ratsa kusa da rana, wanda aka gwada lokacin husufin rana na 1919. Asalin mai nazariyyar bai shiga ko'ina a cikin lissafin ba. Girman darajar masu sukar ma bai ƙara wa sukar nauyi ba.

Masu ilimin hadisi sun daɗe da sanin ɗaya ɓangaren. Hadisi ruwaya ce, wato shaida, shi ya sa suka kafa fanni guda na jarahi da ta'adili don tantance masu ruwaya ta fuskar gaskiyarsu da kyawun kiyayewarsu. Ba su ɗauki wannan a matsayin giba ba, har Imam Nawawi ya lissafa bayyana aibin masu ruwaya da masu shaida cikin wuraren da aka halatta ambaton mutum da abin da ba ya so. Amma sun gindaya sharuɗɗa. Ibnus Salah ya tafi a kan cewa ba a karɓar jarahi sai an bayyana dalilinsa, saboda wani kan soki mutum da abin da ba aibi ba ne. Imam Zahabi kuma ya yi gargaɗi cewa ba a cika dogara da sukar da tsararraki ke yi wa juna ba, musamman idan alamar gaba ko hassada ko saɓanin mazhaba ta bayyana. Waɗannan sharuɗɗa biyu, a bayyana dalili kuma a duba ko dalilin ya shafi ruwayar, su ne dai ma'aunin da ake bukata a muhawarar kimiyya ta yau.

Shari'ar da ta fi nuna yadda ma'aunin ke aiki ita ce ta Andrew Wakefield, likitan hanji ɗan Birtaniya. A watan Fabrairun 1998 mujallar The Lancet ta buga wata maƙala da shi da wasu mutum goma sha biyu suka sa wa hannu, a kan yara 12 da aka duba a asibitin Royal Free da ke Landan. Maƙalar ta ce yaran suna da ciwon hanji tare da koma-baya a ɗabi'a da magana, mafi yawansu irin lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda wasu kafofin labarai na Hausa ke kira galahanga. Ta ƙara da cewa a takwas daga cikin yaran an danganta farawar alamomin da allurar MMR, rigakafin da ke haɗe da maganin ƙyanda da hangum da rubela, kuma alamomin sun bayyana cikin kwana 14 da yin allurar. Maƙalar da kanta ta amsa cewa ba ta tabbatar da alaƙa tsakanin allurar da lalurar ba. Amma a taron manema labarai Wakefield ya ba da shawarar a dakatar da haɗaɗɗiyar allurar, a riƙa yin kowace ɗaya daban. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauka daga kusan kashi 92 cikin ɗari zuwa kusan kashi 80 a shekarar 2003 zuwa 2004, ƙyanda kuma ta sake samun wurin zama.

Sukar farko da aka yi wa maƙalar ba ta taɓa mutumcin kowa ba. A cikin fitowar mujallar da ta ɗauko ta, Robert Chen da Frank DeStefano na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun rubuta sharhi suna nuna rauninta. Yara 12 sun yi kaɗan, ba a zaɓo su ta hanyar da za su wakilci sauran yara ba, kuma babu wani rukunin yaran da ba a yi wa allurar ba da za a kwatanta yawan lalurar da shi. Lokacin farawar alamomin ya dogara ne a kan abin da iyaye suka tuna. Ga kuma wata matsalar: ana yin allurar ne a farkon shekara ta biyu ta rayuwar yaro, wato daidai lokacin da alamomin otizim suka saba fara bayyana ko an yi allura ko ba a yi ba. Idan aka yi wa dubban ɗaruruwan yara allura a wannan shekarun, dole a samu waɗanda alamominsu za su biyo bayan allurar da 'yan kwanaki, ba don ita ta jawo ba. Duk wannan suka ce ta hujja, wadda mai karatu zai iya aunawa daga takardar kanta. Ta nuna cewa ko da kowace kalma a maƙalar gaskiya ce, ba ta isa a gina hukunci a kanta ba.

Suka ta biyu ta zo bayan shekara shida, kuma ta shafi mutumin kai tsaye. A Fabrairun 2004 ɗan jarida Brian Deer ya wallafa a jaridar Sunday Times cewa wani lauya mai suna Richard Barr, wanda ke shirya ƙarar kamfanonin da ke yin allurar, ya ɗauki Wakefield aiki tun kafin a buga maƙalar, kuma hukumar tallafin shari'a ta ware fam 55,000 don binciken da zai taimaka wa ƙarar. Wasu daga cikin yaran 12 iyayensu na cikin masu shirin ƙarar. Daga baya Deer ya gano cewa abin da aka biya Wakefield a matsayin ladan aikinsa ga lauyoyin ya haura fam 435,000, kuma a 1997 an shigar da takardar neman mallakar fasahar wani rigakafin ƙyanda shi kaɗai da sunansa a matsayin mai ƙirƙira. Masu karanta maƙalar ba su san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Magoya bayan Wakefield sun ce wannan shafa kashin kaji ne kawai, an kasa amsa binciken an koma kan mutum. Tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, domin a zahiri maganar kuɗi tana kama da sanannen nau'in kuskuren nan, inda ake cewa wane yana da abin da zai samu, saboda haka maganarsa ƙarya ce. Wannan ba hujja ba ce. Mai sayar da gidan sauro yana da riba idan ya ce sauro na kawo zazzaɓin cizon sauro, kuma gaskiya ya faɗa. Mafi yawan binciken magunguna ma kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma ba a watsar da shi saboda haka, ana dai bukatar a bayyana wanda ya biya don mai karatu ya san inda zai ƙara sa ido.

Abin da ya fitar da tonon Deer daga wannan sahu abu biyu ne. Na farko, an ɓoye alaƙar, alhali mujallar na bukatar marubuta su bayyana irinta. Editan mujallar, Richard Horton, ya ce da ya sani da bai buga ɓangaren da ya shafi allurar ba. Na biyun ya fi nauyi, domin akwai hanya bayyananniya da alaƙar ta bi ta shiga cikin sakamakon. Ƙarfin maƙalar gaba ɗaya ya rataya ne a kan cewa yara sun zo asibiti ɗaya bayan ɗaya ta hanyar da aka saba, sai ga shi iyayen takwas daga ciki suna ambaton allura iri ɗaya. Wannan abin mamaki ne da ya isa a bincika. Amma idan an turo yaran ne ta hannun masu fafutukar adawa da allurar da lauyan da ke shirya ƙara, mamakin ya gushe. Kamar mutum ne ya tara waɗanda suka riga suka yi imani da abu, sannan ya ba da labarin cewa ya yi tambaya kuma kowa ya yarda. Don haka bayanin kuɗin ya canza ma'anar lambar takwas cikin goma sha biyu. A watan Maris na 2004 goma daga cikin marubutan suka janye fassarar da ke nuni da alaƙa tsakanin allurar da lalurar.

Ko a wannan matakin akwai iyakar abin da sukar ta tabbatar. Ta rage darajar shaidar Wakefield, ta kuma wajabta a koma a duba asalin bayanan. Ba ta tabbatar da cewa bayanan ƙarya ne ba, balle ta tabbatar da cewa allurar ba ta da illa. Mutum na iya ɓoye wanda ya biya shi kuma ya rubuta abin da ya gani daidai. Tabbatar da ƙarya ya bukaci wani aikin daban, wato a ajiye maƙalar kusa da fayilolin asibitin yaran a kwatanta.

Wannan ya samu ne ta zaman hukumar da ke kula da rajistar likitoci a Birtaniya, wanda ya fara a 2007 ya ɗauki kwana 217 ana sauraron shaidu. A ranar 28 ga Janairun 2010 kwamitin ya samu Wakefield da rashin gaskiya da rashin sanin ya kamata, ciki har da yadda ya bayyana hanyar da yaran suka zo, da kuma yi musu gwaje-gwaje masu wahala, irin su zura na'urar leƙen hanji da ɗibar ruwan ƙashin baya, ba tare da amincewar da ta dace daga kwamitin ɗa'a ba. Kwana biyar bayan haka The Lancet ta janye maƙalar gaba ɗaya, a watan Mayu kuma aka soke sunansa daga rajistar likitoci. A Janairun 2011 mujallar BMJ ta buga kwatancen da Deer ya yi yaro bayan yaro. Daga cikin yara tara da maƙalar ta ce suna da otizim mai zuwa da koma-baya, uku ba a taɓa tabbatar musu da otizim ba. Maƙalar ta ce duk yaran lafiyarsu ƙalau kafin alamomin su fara, amma biyar daga cikinsu akwai rubutacciyar damuwa game da girmansu tun kafin allurar. A wasu kuma lokacin farawar alamomin da aka buga bai yi daidai da na fayil ba. Editocin mujallar suka kira aikin zamba. Wakefield ya ci gaba da musanta cewa ya yi ƙarya.

Ba duk abin da aka samu a kansa ne ya shafi maƙalar ba, kuma a nan ne mai suka na gaskiya ke bambanta da mai neman tara laifi. Kwamitin ya tabbatar cewa Wakefield ya ɗebi jinin yara a bikin zagayowar ranar haihuwar ɗansa, yana ba kowane fam biyar. Labarin ya ja hankalin jaridu, kuma hujja ce mai ƙarfi a kan ko ya cancanci riƙe lasisin likita. Amma ba ya cewa komai a kan ko kwanakin da aka rubuta wa yara 12 na 1998 daidai ne. Wanda ya kawo labarin bikin don ya rushe maƙalar ya koma ga kuskuren da aka fara da shi, ko da labarin gaskiya ne. Haka nan hukuncin mutum ɗaya ba ya zama kuɗin goro ga abokan aikinsa. Farfesa John Walker-Smith, babban likitan da ke cikin marubutan, shi ma an soke sunansa, amma ya ɗaukaka ƙara, babbar kotu ta rushe hukuncin da aka yi masa a 2012. Wannan bai wanke Wakefield ba, wanda hukuncinsa ke nan daram, bai kuma dawo da maƙalar ba.

Deer shi ma ya sha nasa rabon. An ce ɗan jarida ne ba likita ba, an kuma zarge shi da yi wa kamfanonin magani aiki. Maganar ƙwarewa takan zama suka mai ma'ana idan ana neman a karɓi ra'ayin mutum saboda matsayinsa, kamar a ce masanin duwatsu ya yanke hukunci a kan maganin ciwon suga a karɓa don shi farfesa ne. Deer kuwa bai nemi a yarda da shi don matsayinsa ba. Ya kawo takardun biyan kuɗi da wasiƙu da kwanakin da ke cikin fayil, abubuwan da wasu suka iya dubawa, kuma editocin BMJ sun ce sun bi bayanansa sun gwada su da rubutaccen zaman hukumar. Wakefield ya kai shi ƙara kan ɓata suna a Landan, sannan ya janye ƙarar a farkon 2007. Sukar da ba ta nuna takarda ɗaya da aka ƙirƙira ko kwanan wata ɗaya da aka karanta ba daidai ba, ba ta taɓa aikin ba.

Gwaji mafi wuya ga ma'aunin ya zo ne daga ɗaya ɓangaren. A 2002 masu bincike a Denmark sun buga nazarin yara fiye da dubu 537, inda suka kwatanta waɗanda aka yi wa allurar MMR da waɗanda ba a yi musu ba, ba su ga ƙarin otizim a cikin waɗanda aka yi wa ba. Ɗaya daga cikin marubutan, Poul Thorsen, an tuhume shi a Amurka a 2011 da karkatar da kuɗin tallafin bincike. Masu adawa da allurar suka ce to ga naku ɓarawon, idan an yi watsi da maƙalar Wakefield saboda kuɗi sai a yi watsi da wannan ma. Zancen ga naku ma ba ya wanke kowa, domin laifin wani ba ya gyara fayil ɗin da aka sauya. Amma tambayar ko tuhumar ta shafi binciken Denmark tambaya ce halattacciya, kuma ana amsa ta da ma'aunin da aka auna Wakefield da shi, wato a nemi hanyar da laifin zai bi ya shiga cikin sakamakon.

Tuhumar da aka yi wa Thorsen ta kuɗi ce, ba ta sauya bayanai ba. Ba shi ne jagoran marubutan ba. Bayanan kuma ba daga littafin ajiyar mutum ɗaya suka fito ba, an ɗauko su ne daga rajistocin ƙasar Denmark na haihuwa da allurar rigakafi da cututtukan da asibitoci suka tabbatar, waɗanda wasu masu bincike ke iya komawa gare su. A maƙalar 1998 komai ya ratsa ta hannun wanda ya tattara labarin yara 12 ya rubuta shi, shi ya sa faɗuwar amanarsa ta tafi da maƙalar. A nan kuwa abin da tuhumar za ta iya wajabtawa shi ne a sake aikin ba tare da shi ba. A 2019 Anders Hviid da abokan aikinsa suka buga sabon nazari a kan wasu yaran Denmark fiye da dubu 657, waɗanda aka haifa daga 1999 zuwa 2010, babu sunan Thorsen a cikin marubutan. Sun duba har da yaran da ke da yaya ko ƙane mai otizim, waɗanda haɗarin samun lalurar ya fi yawa a gare su, kuma a cikinsu ma ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi musu ba.